Motsa jiki da jinin al'ada: abin da za ki canja da abin da za ki bari yadda yake

Matan da ke motsa jiki a Hotoro da Nasarawa a Kano sun ƙaru, wasu a gidajen motsa jiki masu lokacin mata zalla, wasu a tsakar gida da ƙarafan ɗagawa biyu da tabarma, wasu kuma tattaki suke yi bayan asuba kafin rana ta yi zafi. Yawancinsu sun ci karo da wata magana a waya wadda ke cewa mace ta raba watanta kashi huɗu: ta kwanta ranakun fashin salla, ta dage da nauyi bayan ta yi tsarki, ta kai ƙololuwa a tsakiyar wata, sannan ta koma miƙe gaɓɓai kawai har jini ya sake zuwa. Maganar tana da daɗin ji, don ta nuna an kula da jikin mace. Amma in kin bi ta yadda aka tsara, za ki zubar da kusan rabin aikinki na wata ba tare da kin sami komai a madadinsa ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, tsarin motsa jikinki ya zauna yadda yake daga farkon wata zuwa ƙarshe. Abin da za ki riƙa gyarawa ranar ce da kanta, gwargwadon abin da jikinki ya nuna, kuma kafin ki yanke cewa wata rana ranar matsala ce sai kin ga haka a rubuce wata uku a jere.

Abin da binciken ya nuna

Gaskiya ne sinadaran jiki suna hawa da sauka. A ranakun jini istirojin da firojestaron duk suna ƙasa. Istirojin yana hawa har zuwa dab da fitar ƙwai, bayan nan firojestaron ya karɓi ragama na kwana 12 zuwa 14, sannan duka biyun su faɗi jini ya zo. Babu mai musun wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne, shin wannan hawa da saukar yana canja ƙarfin mace har ya kai a sake mata tsari?

A 2020 Kelly McNulty ta Jami'ar Northumbria a Ingila, ita da abokan aikinta, suka tattara bincike 78 da aka yi a kan wannan tambaya. Sun ga raguwar ƙwazo a ranakun farko na jini, amma 'yar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma yawancin binciken ba su da inganci sosai. Shawarar da suka bayar ita ce kada a kafa doka ɗaya ga dukkan mata, a dubi kowace mace da nata. A 2023 Lauren Colenso-Semple da Stuart Phillips na Jami'ar McMaster a Kanada suka sake duba abin da aka rubuta game da ɗaga nauyi, ba su sami hujjar cewa matakin wata yana canja ƙarfi ko yadda tsoka ke ginuwa ba. Akwai 'yan bincike daga Jamus da Suwidin da suka nuna kamar tara aiki mai nauyi a rabin farko na wata ya fi amfani, kuma su ne masu tallan raba wata suka fi riƙewa. Sai dai matan da aka gwada a cikinsu kaɗan ne, kuma ba a kan irin wannan ake gina wa dukan mata doka ba.

Akwai wata matsalar da ta fi shafar ki kai tsaye. Manhajar waya ba ta ganin cikin jikinki, lissafi take yi. Wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya duba zagayen al'ada fiye da 600,000, ya gano kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka cika kwana 28 daidai. Rabin wata na biyu, wato bayan fitar ƙwai, shi ne bai cika canjawa ba, na farkon kuwa yana tsawo yana gajarta. Matar da zagayenta ke kai kwana 33 ƙwanta yana fita wajen kwana na 19 ko 20, ba na 14 ba. In jadawalin ya ce mata ta rage aiki daga kwana na 15, ya rage mata ne a kwanakin da ko bisa hujjar jadawalin kansa ya kamata ta dage.

Kada a fahimce ni da cewa ciwon mara ba komai ba ne. Paula Radcliffe ta kafa tarihin duniya a gudun fanfalaki a Chicago a 2002 tana fama da ciwon mara, ita kuwa Fu Yuanhui, 'yar ninƙayar Sin, ta faɗa a bainar jama'a a gasar Olamfik ta Rio a 2016 cewa jinin da ya zo mata ya sa ta gaji ta kasa yin yadda ta saba. Dukansu gaskiya suka faɗa game da jikinsu. Ciwo, zubar jini mai yawa, rashin barci da ciwon kai su ne ke hana mace aiki, kuma waɗannan sun bambanta daga wata mace zuwa wata, har ma daga wannan wata zuwa wancan.

Rubutun wata uku

Mu a nan muna da sauƙin da matan wasu wurare ba su da shi. Saboda salla da azumi, mace ta riga ta saba ƙirga kwanakin haila da na tsarki tun tana budurwa. Abin da ya rage shi ne ta ƙara layi biyu ko uku a kan abin da ta riga ta sani.

Ki samu ƙaramin littafi. Ranar da jini ya fara zuwa sosai ita ce kwana na 1, ɗigon da ke riga shi ba ya cikin lissafi. Kowace rana kafin ki kwanta ki rubuta kwanan wata, kwana na nawa ne a zagayen, da maki daga 1 zuwa 5 na yadda kika ji ƙarfin jikinki. Ki ƙara awa nawa kika yi barci, da ko akwai ciwo. A ranakun jini ki rubuta audugar mata nawa kika canja. A ranar motsa jiki kuma ki rubuta nauyin da kika ɗaga da sau nawa. Duk wannan bai wuce minti biyu ba.

Layin da mata suka fi tsallakewa, alhali ya fi kowanne amfani, shi ne na abin da ya faru a gida ranar. Daren da babu wuta aka kwana ana fifita, yaro ya kwana da zazzaɓi, an yini tsaye a gidan biki, an yi azumin Litinin ko na ramuwa. In ba ki rubuta waɗannan ba, duk ranar da kika ji kasala sai ki ɗora wa al'ada laifin. Kuma ki bari sai wata uku sun cika kafin ki karanta da niyyar yanke hukunci, don wata ɗaya ba ya nuna ɗabi'ar jiki.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wata mata a Hotoro, shekararta 34, 'ya'yanta uku, ba ta shayarwa kuma ba ta amfani da ƙwaya ko allurar tazarar haihuwa. Tana motsa jiki Litinin, Laraba da Asabar da safe, bayan an kai yara makaranta. Aikinta iri huɗu ne. Tana tsugunnawa ta miƙe riƙe da ƙarfe mai kilo 10 a ƙirji. Tana sunkuyawa da miƙaƙƙen baya ta ɗago jarka mai ruwa lita 15 daga ƙasa, kusan kilo 15 ke nan. Tana dafa bakin benci da hannu biyu ta sauke ƙirji ta tura sama. Sannan ta dafa kujera da hannu ɗaya ta jawo ƙarfe mai kilo 6 zuwa kwiɓinta da ɗayan. Kowanne sau 10, zagaye uku, da hutun minti ɗaya da rabi a tsakani, ta rufe da tafiya mai sauri ta minti 20.

Ma'aunin da take amfani da shi mai sauƙi ne. In ta gama zagaye sai ta tambayi kanta, sau nawa zan iya ƙarawa da kyau kafin in kasa? Abin da ake so shi ne ya rage saura biyu ko uku. In ta kai sau 12 a duk zagaye ukun, zama biyu a jere, kuma har yanzu da saura, sai ta ƙara kilo ɗaya ko biyu ta koma sau 10.

Zagayenta uku suka zo kwana 31, 30 da 33. Da ta jera su gefe da gefe sai abu uku suka fito. Kwana na 1 da na 2 makinta bai taɓa wuce 2 ba, ga ciwon mara da na baya. Kwana biyu kafin jini ya zo barcinta yana raguwa, amma nauyin da take ɗagawa bai ragu ba, ji kawai take kamar ya fi nauyi. Sai kuma wasu ranaku uku marasa daɗi a kwana na 12, na 17 da na 20, waɗanda da ta duba layin gida ta tarar biyu dare ne na zafi ba wuta, ɗayar kuma washegarin biki ce. Sauran watan duka, kafin fitar ƙwai da bayansa, ƙarfinta yana ta hawa a hankali ba tare da wani sauyi da za a danganta da al'ada ba.

To me za ta canja? Abu kaɗan. In ranar motsa jiki ta faɗo kwana na 1 ko na 2, ta matsar da ita gaba da kwana ɗaya ko biyu, Asabar ta koma Lahadi. In ba ta matsuwa, ta yi ragaggen zama. Ranakun da ke gab da jini kuwa ta bar nauyin yadda yake, ta ƙara hutun tsakani zuwa minti biyu ko uku.

A kwana 94 ɗin nan zamanta kusan 40 ne. Waɗanda ta taɓa ba su wuce biyar ko shida ba. Da jadawalin raba wata ta bi, wanda ke hana aiki mai nauyi tun daga tsakiyar wata har jini ya ɗauke, da sama da 20 sun tafi. Tsoka kuwa da maimaici take ginuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, tare da minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi, kuma ba ta ware wani mako na wata ta ce mace ta bari ba.

Zama iri uku da gwajin minti goma

Don kada ki tsaya kina shawara da kanki kowace safiya, ki shirya zama iri uku tun da wuri. Cikakke shi ne tsarin yadda yake. Ragagge shi ne iri huɗun nan dai, amma zagaye biyu maimakon uku, ko a sauke nauyin da kamar kashi ɗaya cikin goma zuwa ɗaya cikin biyar, ƙarfe mai kilo 10 ya koma mai 8. Sassauƙa kuma tafiya ce ta minti 20 zuwa 30 da miƙe baya da ƙugu, ba ɗaga komai.

Kada ki zaɓa kina kwance a gado, don a nan kowa sassauƙa zai zaɓa. Ki tashi ki ɗumama jiki na minti goma, tafiya da tsugunno ba nauyi, sannan ki yi zagaye ɗaya da nauyinki na kullum. In ya tafi yadda kika saba, ki ci gaba da cikakke ko da kina cikin jini. In wanda kan bar miki saura uku yau ya bar miki ɗaya, ki koma ragagge. In ciwon ya ƙaru da motsi, ko kika ji jiri, ko zuciya na tashi, ki ajiye ƙarfen. Jiki magayi ne, amma sai kin motsa shi yake faɗa miki gaskiya, kuma sau da yawa ranar da kika tashi kamar ba za ki iya ba, bayan ɗumamawar nan sai ki ga mara ta saki.

Motsa jiki na yau da kullum shi kansa yana rage ciwon mara. Wani nazari na ƙungiyar Cochrane a 2019 ya ga matan da ke motsa jiki na minti 45 zuwa 60 sau uku ko fiye a mako ciwonsu yana sauƙi, ko da yake binciken da aka tattara ƙanana ne. Ruwan ɗumi a gora a ɗora a mara yana taimakawa. Magungunan ciwo dangin ibufurofin suna aiki, amma ba a shan su da yunwa, mai gyambon ciki kuma ta nemi shawarar likita tukuna.

Game da sikeli, jiki yana riƙe ruwa kafin al'ada, har ki ga kilo ɗaya ko fiye ya hau a 'yan kwanaki. Wannan ba kitse ba ne, kuma ba dalilin rage abinci ba ne. In kina bin nauyinki, ki kwatanta kwana na 8 na wannan zagayen da kwana na 8 na wanda ya wuce.

Inda matsalar ta fi zama: ƙarancin jini

Da za a tambaye ni abu ɗaya da ya fi rage wa matanmu ƙarfi a motsa jiki, ba zan ce matakin wata ba, zan ce ƙarancin jini. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Haihuwa kusa da kusa, zazzaɓin cizon sauro da abincin da ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe duk suna da hannu, sannan jinin al'ada mai yawa ya zo yana ɗiba kowane wata.

Littafin nan zai bambance miki su. Kasalar al'ada tana zuwa kwana biyu ko uku ta wuce. Ta ƙarancin jini ba ta wucewa, maki yana zama 2 ko 3 wata duka, kina haki a hawan bene ɗaya, zuciya na bugawa da sauri a aikin da kika saba, cikin fatar ido da tafin hannu sun yi fari, wata ma har ta riƙa kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa. Alamomin jini mai yawa kuwa su ne auduga ta jiƙe cikin awa ɗaya ko biyu sau da yawa a jere, ko sai kin haɗa biyu, ko kin tashi cikin dare don canjawa, ko guda-guda manya suna fita, ko jinin ya wuce kwana bakwai zuwa takwas. A nan a rarrabe abu biyu: kwanakin da malamai ke lissafa wa haila hukuncin ibada ne, ba shaidar cewa jinin da ya daɗe haka lafiya ƙalau ne ba.

Mu koma ga matar misalinmu, mu ƙaddara a wata na huɗu nauyinta ya tsaya cak, tafiyar minti 20 ta fara gagararta, kuma littafin ya nuna a kwana na 2 tana canja auduga kowace awa biyu. Ba sabon tsari take buƙata ba, gwajin jini take buƙata. A takardar gwaji za ta ga `Hb` ko `PCV`. Ga macen da ba ta da ciki, `Hb` ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, kusan `PCV` ƙasa da 36 ke nan. In da hali ta nemi a haɗa da `ferritin`, wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe, don ajiyar tana iya ƙarewa kafin `Hb` ya faɗi. In nata ya fito 10.8, likita ne zai rubuta maganin ƙarin jini ya kuma nemo dalilin yawan zubar, don ƙari a mahaifa abu ne da ya yawaita a matanmu kuma hoton ciki yana nuna shi. Asibitin Nasarawa, wato na Muhammad Abdullahi Wase, yana kusa da Hotoro, ga kuma Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, duka suna da sashen mata. Kafin `Hb` ɗinta ya dawo daidai ta riƙe ragaggen zama, ta rage saurin tafiyar zuwa inda za ta iya magana ba haki. A tukunya kuma a ƙara hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo, a haɗa da lemo ko gwaiba, a kuma nisanta shayi daga abinci da kamar awa ɗaya, don yana hana jiki tsotsar sinadarin.

Zafin Kano, azumi da tazarar haihuwa

Bayan fitar ƙwai zafin jiki yana hawa da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5. A hunturu ba za ki lura ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano ke kai digiri 40, wasu matan suna jin aikin ya fi wuya a makonni biyun ƙarshe. Maganinsa sauya lokaci ne, ba sauke nauyi ba: bayan asuba ko bayan magariba, tufa mai sauƙi ta auduga, ruwa kafin farawa da lokacin hutu.

A watan azumi lissafin yana juyewa. Ranakun da kike fashin salla su ne kike ci kina sha da rana, don haka in ciwo bai dame ki ba, daga kwana na 3 suna iya zama mafi kyawun ranakun motsa jikinki a watan. Sauran kwanakin ki mayar da zaman bayan buɗa baki da awa ɗaya ko biyu, ki riƙe ragagge, burin watan shi ne kada abin da kika gina ya zube.

Mai amfani da ƙwaya, allurar wata uku ko ashanar hannu ba ta da hawa da saukar nan irin ta zagayen al'ada, saboda haka jadawalin raba wata bai ma shafe ta ba. Littafin da gwajin minti goma dai suna mata aiki. Mai robar mahaifa irin ta tagulla ta sa ido a kan yawan jini, musamman watannin farko.

Akwai alamun da ba a gyara su da sauya tsari. In al'ada ta ɗauke wata uku ba ciki ba shayarwa, musamman ga wadda ta haɗa motsa jiki mai yawa da matse cin abinci don ramewa, jiki ne ke nuna abincin bai isa aikin ba, kuma barinsa haka yana raunana ƙashi. Ta fara gwajin ciki, ta ƙara abinci, ta ga likita. Haka nan zagayen da ke ƙasa da kwana 21 ko sama da 35 a kai a kai, jini a tsakiyar tsarki, da ciwon marar da ke kwantar da mace ko yake ƙaruwa shekara bayan shekara. Ki tafi asibiti da littafinki, don zai amsa yawancin tambayoyin da likita zai yi. Bayan haihuwa, bayan yaye, bayan canja hanyar tazara, ko lokacin da shekaru suka haura 40 zagaye ya fara rikicewa, tsohon rubutun ya daina aiki, sai ki buɗe sabon shafi ki sake ƙirga wata uku.